Darasi na Tara: Yadda Ake Mayar da Rubutacciyar Lacca Takardar Bita

Ɗaliban ajin yamma da yawa yanzu sukan ɗauki muryar malami a waya, da izininsa, sannan su zauna su juye abin da ya faɗa a rubuce, ko wani ɗan aji ya juye ya raba wa kowa. Idan malami yana faɗin kalma 120 a minti ɗaya, laccar awa guda za ta kai kalmomi 7,200, wato shafuka goma sha wani abu idan an buga. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan shafuka yakan ji hankalinsa ya kwanta, tunda babu abin da ya kuɓuce masa. Amma ranar da ya zauna bita sai ya tarar ba zai iya karatu da su ba. Dalili shi ne magana tana bin lokaci, ba ta bin tsarin ilimi. Malami yakan fara abu, tambaya ta katse shi, ya ba da labari, ya tuna abin da ya manta, ya koma baya ya gyara. A aji wannan ba aibi ba ne, haka koyarwa take tafiya. A kan takarda kuwa yana nufin amsar tambaya ɗaya ta warwatsu a shafi na biyu da na tara da na goma sha uku, kuma mai bita ba shi da hanyar gane wanne ne jigo, wanne ne hira.

Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, a cikin kowace lacca akwai magana iri biyu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda dole ɗalibi ya rushe ya sake ginawa da bakinsa, ya sauya mata wuri, ya taƙaita ta: ita ce bayani da misali da dalili. Akwai kuma wadda bai kamata ya taɓa ko kalma ɗaya a cikinta ba, ita ce ta'arifi, wato jimlar da malami ya iyakance ma'anar wani abu da ita. Yawancin takardun bita da suke cutar da masu su sun lalace ne saboda an yi wa iri biyun nan hukunci ɗaya. Wani ya kwafe komai kamar yadda aka faɗa, bai fahimci komai ba. Wani ya taƙaita komai har da ta'arifi, ya fita da ma'anar da ba ita aka koyar ba.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san bambancin matani da sharhi. Matani shi ne ainihin kalmomin marubuci, ana karanta shi yadda yake, ba a ƙari ba a ragi. Sharhi shi ne bayanin da ake yi a kansa, kuma kowane malami da irin nasa. A tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu za a ga matani da manyan baƙaƙe a tsakiyar shafi, bayani kuma da ƙananan baƙaƙe tsakanin layuka da gefen takarda. A littafin Samaruddani, sharhin Risala ta Ibn Abi Zaid, an sa kalmomin matani cikin baka, don mai karatu ya san inda maganar marubuci ta tsaya, ta mai sharhi ta fara. Malaman nan ba don ƙawa suka yi haka ba. Sun san idan aka bar matani ya gauraya da bayani, bayan ɗan lokaci ba wanda zai iya cewa ga abin da aka faɗa, ga abin da aka fahimta. Takardar bita mai kyau ita ma shafi ce mai matani da sharhi, sai dai mataninta gajere ne ƙwarai: ta'arifai ne kawai.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce malamin tattalin arziki ya yi lacca ta awa ɗaya a kan hauhawar farashi, ga ta kuma a rubuce a gabanmu, da alamar minti a gefen kowane sakin layi. Mintuna huɗu na farko gaisuwa ce da sanar da ranar jarrabawa. A minti na 5 ya ce, "To, hauhawar farashi dai kun san ta, ita ce kaya su yi ta tashi, e to, za mu dawo kanta." A minti na 9 ya kawo maganar albasa, yadda take tsada da damina ta yi araha bayan an girbe ta rani. A minti na 14 ya shiga yadda ake auna hauhawa. A minti na 22 ya fara dalilanta. A minti na 31 wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a rediyo an ce hauhawa ta sauka, amma ni na je kasuwa jiya mudun shinkafa ya ƙara kuɗi." Malam ya ɗauki minti bakwai yana ba ta amsa. A minti na 38 ya ce, "Ku rubuta wannan," ya faɗi jimla a hankali, ya maimaita: "Hauhawar farashi ita ce tashin farashin kayayyaki da ayyuka gaba ɗaya, tashin da yake ci gaba na tsawon lokaci." A minti na 44 ya yi maganar waɗanda abin ya fi shafa. A minti na 52 ya ce, "Af, na manta wani dalili," ya kawo faɗuwar darajar naira.

Aikin farko shi ne a karanta rubutun daga farko har ƙarshe ba tare da an rubuta komai ba. Ɗalibai sukan ƙi wannan saboda suna ganin ɓata lokaci ne, amma misalin da ke sama ya nuna amfaninsa. Wanda ya fara rubutu tun shafi na farko zai ɗauki maganar minti na 5 a matsayin ta'arifi, ya sa mata layi a ƙasa, alhali malam da kansa ya nuna bai gama ba, kuma ainihin jimlar tana can minti na 38. Haka kuma zai rufe babin dalilai a minti na 30, sannan ya rasa inda zai sa dalilin da ya zo a minti na 52. Karatun farko ba ya wuce rabin awa, kuma abin da ake nema a cikinsa ɗaya ne: waɗanne tambayoyi wannan lacca ta amsa? A misalinmu huɗu ne. Mece ce hauhawar farashi? Yaya ake auna ta? Me yake kawo ta? Wa take cutarwa? Sai kuma ta biyar da ɗalibar ta janyo: idan an ce hauhawa ta sauka, me ake nufi?

Waɗannan tambayoyi su ne kanun takardar, kuma ya fi kyau a bar su a siffar tambaya. Kai irin "Gabatarwa" ko "Ci gaban bayani" ko "Sauran abubuwa" ba ya gaya wa mai bita komai. Ko "Dalilai" kaɗai bai kai "Me yake kawo hauhawar farashi?" ba, domin tambaya tana sa mutum ya nemo amsa a kansa kafin idonsa ya sauka kan rubutu. Akwai hujja a kan wannan. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka rufe shi suka rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu suka fi. Da aka gwada bayan mako guda, masu tunowa da ka ne suka yi gaba. Jarrabawa kuwa ba bayan minti biyar ake yin ta ba. Kan da aka rubuta a siffar tambaya yana mayar da kowane shafi wurin gwada kai: a rufe abin da ke ƙasa da tafin hannu, a amsa, sannan a buɗe a duba.

Da zarar kanu sun tsaya, sai a koma kan rubutun da fensir, a sa wa kowane sakin layi lambar kan da ya dace da shi, a ja layi a kan abin da ba shi da gida, kamar gaisuwa da maimaici. Sanarwar ranar jarrabawa kuwa a kai ta bangon littafi. A nan ne tsarin lokaci yake rushewa. Maganar albasa ta minti na 9 za ta koma ƙarƙashin ta'arifin minti na 38, domin ita ce misalin abin da ba hauhawa ba. Faɗuwar darajar naira ta minti na 52 za ta koma wurin 'yan'uwanta na minti na 22. Amsar da aka ba ɗalibar za ta samu kanta daban, ko da yake malam bai shirya ta ba, domin sau da yawa abin da tambaya ta tono shi ne wurin da yawancin ajin suka ruɗe. Bayan haka sai a rubuta abin da ke ƙarƙashin kowane kai da kalmomin ɗalibi. Ƙarƙashin aunawa, alal misali, bayanin minti takwas zai iya zama layi huɗu: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana bin farashin wani kwando na kayan da gidaje suke saye, tana fitar da sakamako kowane wata, idan kwandon da aka saya naira 50,000 bara ya koma 65,000 bana, ƙarin 15,000 ne, a raba da 50,000 a ninka da 100, an samu kashi 30 cikin ɗari. Ƙarƙashin waɗanda ake cutarwa, labarin da malam ya bayar mai tsawo zai iya zama jimla ɗaya: mai albashi da ɗan fansho kuɗinsu a tsaye yake, kuma a adashi mai kwasar ƙarshe yana karɓar adadi ɗaya da mai kwasar farko, amma ba zai sayi abin da na farko ya saya ba.

Yanzu mu zo kan ta'arifi, wanda shi ne wurin da ya kamata a fi daɗewa. Me ya sa ba za a taƙaita shi kamar sauran ba? Malaman usulu da manɗiƙi suna cewa ta'arifi nagari sai ya zama jami'i kuma mani'i: ya tattaro duk abin da ke cikin ma'ana, ya hana duk abin da ba ya ciki shigowa. Kowace kalma a cikinsa kamar danga ce da aka kafa a wani gefen gona. Mu duba jimlar malam kalma kalma. Ya ce "kayayyaki da ayyuka". Idan aka cire "ayyuka", an fitar da kuɗin mota da haya da aski da kuɗin makaranta, alhali suna cikin abin da ake aunawa. Ya ce "gaba ɗaya". Idan aka cire wannan, tsadar albasa da damina ta zama hauhawa, alhali abu ɗaya ne ya tashi saboda ƙarancinsa a lokacin. Ya ce "yake ci gaba na tsawon lokaci". Idan aka cire wannan, tashin da ake gani a kasuwa jajibirin Salla, wanda yake lafawa bayan mako guda, shi ma ya shigo. Ɗalibin da ya rubuta "hauhawar farashi ita ce tsadar kaya" ya ga kamar ya taƙaita ne, amma ya tsuge danga uku, ya kuma kawo kalmar da malam bai faɗa ba. Tsada hali ne na farashi a tsaye, hauhawa kuwa motsi ce. Kaya suna iya yin tsada a gari shekara biyar ba tare da sun motsa ba, kuma a wannan hali babu hauhawa. Idan jarrabawa ta tambayi wannan ɗalibi ko tsadar tumatir a wata ɗaya hauhawa ce, zai ce e, kuma takardarsa ce ta ɓatar da shi, ba ƙwaƙwalwarsa ba.

Wani zai ce ai ɗalibi mai hankali zai taƙaita amma ya riƙe kalmomin da ke da muhimmanci. Matsalar ita ce, a lokacin da ake haɗa takardar bita ɗalibi bai riga ya san waɗanne kalmomi ne masu muhimmancin ba. Da ya sani, da ba ɗalibi ba ne a wannan fanni. "Gaba ɗaya" tana kama da cikon magana a kunnen wanda bai taɓa tunanin albasa ba. Kuma ƙwaƙwalwa ba ta taimakawa a nan. A 1967 wata mai bincike, Jacqueline Sachs, ta sa mutane suka saurari labari, sannan ta maimaita musu wata jimla daga ciki, wani lokaci yadda take, wani lokaci an ɗan sauya. Bayan 'yan jimloli kaɗan sun wuce, mutane sun kasa gane an sauya tsarin kalmomi, ko da yake suna gane idan an sauya ma'ana. Wato kai yana riƙe gundarin magana ya saki lafazinta cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Ga hira wannan ya isa. Ga ta'arifi kuwa, inda iyakar ma'ana take rataye a kan lafazi, abin da kai yake saki shi ne abin da ake buƙata. Shi ya sa ba a rubuta ta'arifi da ka, kwafe shi ake yi ido a kan asali.

Ƙalubale mafi nauyi ga wannan ra'ayi yana zuwa ne daga masu cewa kwafe kalma da kalma yana kashe fahimta, kuma ba su rasa hujja ba. A 2014 masu bincike biyu, Mueller da Oppenheimer, sun ba da rahoton cewa ɗaliban da suka yi rubutu da kwamfuta a lokacin lacca sun fi kwafe maganar malami yadda take, kuma sun gaza masu rubutu da hannu a tambayoyin da ke neman fahimta. Waɗanda suka sake gwajin daga baya ba duka suka samu bambancin da ƙarfi haka ba, amma ko an karɓi sakamakon yadda yake, abin da yake suka shi ne kwafe lacca gaba ɗayanta. Wannan darasi ma yana sukar haka. A misalinmu, ta'arifai biyu ne ko uku, ba su kai kalma sittin ba a cikin 7,200. Duk sauran ana neman ɗalibi ya narkar da shi ya sake zubawa. Har ila yau, riƙe lafazi ba ya hana fahimta idan an bi shi da aikin da muka yi a sama, wato a ɗauki kowace kalma a tambaya me zai shigo idan an cire ta. Haddar da ake zargi ita ce wadda aka tsaya a kan lafazi ba a wuce ba. Don haka a ƙarƙashin kowane ta'arifi ya kamata a samu abu biyu da hannun ɗalibi: bayaninsa a saukake, da misali ɗaya na abin da ya yi kama da shi amma bai shiga ba.

Sai tambayar da duk wanda ya taɓa juye magana a rubuce zai yi: kalma da kalma na wane? Malam ya faɗi abin sau uku, kuma ba iri ɗaya ba. Akwai alamun da ake bi. Wanda ya ce a rubuta, ko ya rubuta a allo, ko ya rage sauri ya maimaita, shi ne ta'arifin, sauran share fage ne. Idan ya gyara kansa a tsakiyar jimla, kamar ya ce "kayayyaki, a'a, kayayyaki da ayyuka", gyararren ake ɗauka. Irin su "e to" da "kun gane" da tari ba sa cikin ta'arifi, cire su ba sauya lafazi ba ne. Amma iyakar abin da aka yarda a cire ke nan. Ba a musanya kalma da 'yar'uwarta don ta fi daɗin ji, ba a haɗa rabin faɗa ta farko da rabin ta biyu a kira ta maganar malam. Idan faɗa biyu sun saɓa a kan abu mai nauyi, a ce sau ɗaya ya ambaci tsawon lokaci, sau ɗaya bai ambata ba, kuma babu alamar wadda ya zaɓa, sai a rubuta duka biyun da mintocinsu a kai masa tambaya a aji na gaba. Haka nan idan ta'arifinsa ya saɓa da na littafin karatu. Ba a gyara wa malam jimla a ɓoye. A ajiye tasa yadda take, a rubuta ta littafi a ƙasa da sunan littafin da shafi, domin saɓanin kansa abin koyo ne, kuma sau da yawa wata kalma ce ɗaya da za ta buɗe wa ɗalibi ido.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika lura da shi ba: rubutun da ke hannu ba shi ne lacca ba, kwafinta ne, kuma mai juyewa yakan yi kuskure, mutum ne ko manhaja. Mu koma amsar da aka ba ɗalibar. Malam ya ce, "Raguwar hauhawa ita ce saurin tashin farashi ya ragu, ba farashin kansa ya sauka ba." Ya kawo lissafi: mudun naira 1,000 ya tashi da kashi 30 ya koma 1,300, shekara mai zuwa ya tashi da kashi 20 ya koma 1,560, hauhawa ta sauka daga 30 zuwa 20, amma mudu ya ƙara 260. Yanzu a ce babur ya wuce bakin taga daidai lokacin da ya faɗi "ba" ta farko, mai juyewa bai ji ba, ya ga ta ƙarshe ba ta da abokiya ya share ta. Jimlar ta koma "saurin tashin farashi ya ragu, farashin kansa ya sauka". Nahawunta lafiya lau, ma'anarta kuwa kishiyar abin da aka koyar. Wanda ya kwafe wannan kalma da kalma ya adana kuskure da aminci. Ana gane irin wannan ta hanyar gwada ta'arifi da misalin da ya biyo shi: idan farashi ya sauka, me ya kai mudu 1,560? Duk inda ta'arifi da misali suka ƙi haɗuwa, a koma ga murya. Ma fi aminci shi ne a saurari kowane ta'arifi a wayar sau ɗaya kafin a kwafe shi, yatsa yana bin rubutu, ana kasa kunne musamman ga ƙananan kalmomi irin su "ba" da "sai" da "kawai" da "ko", da lambobi masu kama da juna a kunne kamar sha biyu da sha biyar. Wannan shi ne amfanin alamar minti, kuma shi ya sa ake ɗauko ta a rubuta a gefen ta'arifi a takardar bita. Sauraren ta'arifai uku ba zai ci minti biyar ba.

Idan da Turanci aka yi laccar kuma da Turanci za a yi jarrabawa, ta'arifi ya zauna da Turancinsa. Fassara, komai kyanta, taƙaitawa ce ta wata fuska, domin mai fassara yana zaɓen kalma, kuma ɗalibin da bai gama sanin fanni ba zai iya zaɓar wadda ta fi faɗi ko ta fi ƙunci. Bayani da Hausa a ƙasa yana da amfani ƙwarai, har ya kamata a yi shi, amma wurinsa wurin sharhi ne.

Dole kuma ido ya iya rarrabe biyun a kallo ɗaya. Bayan wata biyu ɗalibi ba zai tuna wace jimla ce ta malam, wace ce tasa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a zana akwati a kewaye ta'arifi, ko a rubuta shi da jan biro, a kuma kiyaye kada wani abu ya shiga akwatin ko ya samu jan biro sai ta'arifi. Wanda ya fara sa duk abin da ya ga yana da muhimmanci a akwati ya kashe alamar. Shafin farko na misalinmu zai kasance haka: a sama tambaya, "Mece ce hauhawar farashi?", a ƙarƙashinta akwati da jimlar malam da "minti 38" a gefe, sai layi uku da baƙin biro, kowanne yana ɗaukar kalma ɗaya daga akwatin yana nuna abin da take karewa, aski da haya ga "ayyuka", albasa ga "gaba ɗaya", kasuwar jajibiri ga "tsawon lokaci". Laccar da ta cika shafi goma sha wani abu za ta dawo shafi biyu ko uku. Idan ta wuce biyar, akwai alamar an kwafe bayani maimakon a narkar da shi. Idan ta tsaya a rabin shafi, a duba, da wuya a ce ba a zubar da misalai da lissafi ba.

Masu aiki da iyali za su ce duk wannan yana cin lokacin da ba su da shi, kuma gaskiya ne aikin yana iya ɗaukar awa ɗaya da rabi ga lacca guda. Amma lokacin ba ƙari ba ne a kan karatu, shi ne karatun. Wanda ya nemo tambayoyin lacca, ya mayar da kowace magana gidanta, ya gwada kowace kalmar ta'arifi, ya riga ya yi rabin bita kafin ya rufe littafi. Ya fi kyau a yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu da yin laccar, lokacin da ake iya tuna abin da malam ya nuna a allo wanda murya ba ta ɗauka ba, kuma ana da damar tambayarsa. Idan lokaci ya ƙure ƙwarai, abin da ba za a bari ba shi ne kanu da akwatuna, bayani ana iya cike shi daga baya. 'Yan aji suna iya raba laccoci tsakaninsu, amma a san cewa akwatin ta'arifi ne kaɗai yake tafiya daga hannu zuwa hannu ba tare da ya rage daraja ba. Bayanin wani, kamar rubutun lacca ne, sai mutum ya sake faɗinsa da bakinsa.

Kafin zama na gaba, kowa ya ɗauki rubutun lacca ɗaya daga darasin da yake yi, ya fitar da tambayoyinta, ya kwafe ta'arifanta cikin akwati bayan ya saurare su. Sannan ya zaɓi ta'arifi ɗaya, ya rufe kalma ɗaya a cikinsa da yatsa, ya rubuta abin da zai shigo cikin ma'anar idan babu ita. A zo da rubutun laccar da takardar bitar duka biyu, domin za a yi musaya: abokin zama zai bi kowane akwati ya gwada shi da asali, kalma bayan kalma.